Dalilin da ya sa hukumar harajin Birtaniya ke aika wa ɗalibi takardar bin bashi bayan an cire haraji a albashinsa

Ɗaliban Najeriya da ke karatun digiri a Birtaniya suna da izinin yin aiki na awa 20 a mako lokacin da ake karatu, kuma suna iya yin cikakken aiki a lokacin hutu. Da yawansu suna samun abin biyan haya ne ta wannan hanya, a rumbunan ajiye kaya, ko gidajen kula da tsofaffi, ko manyan kantuna. Abin da kan ɗaure wa wasu kai shi ne takardar da hukumar haraji ta ƙasar, wato HMRC, ke aikowa bayan shekara ta ƙare, tana cewa akwai sauran haraji a kansu, alhali takardun albashinsu suna nuna an riga an cire.

Galibi babu zargin laifi a cikin wannan takarda. Abin da ake cirewa a albashi ƙarƙashin tsarin PAYE ƙiyasi ne da kowane wurin aiki ke yi bisa abin da shi kaɗai ya biya ma'aikaci. Hukumar ce ke ganin dukan kuɗin da mutum ya samu, kuma sai bayan shekarar haraji ta ƙare take haɗa lissafi. Shekarar haraji a Birtaniya tana farawa ne ranar 6 ga Afrilu, ta ƙare ranar 5 ga Afrilu na shekara mai zuwa. Idan lissafin bai zo daidai ba, sai a aika takarda mai suna P800, wadda ke nuna ko dai mutum ya biya fiye da kima za a mayar masa, ko kuma akwai ragowa a kansa.

Zama ɗalibi bai keɓe kowa daga haraji ba. Abin da doka ta tanada shi ne kaso na farko na kuɗin shiga da ba a taɓawa, wanda ya kai fam 12,570 a shekara. Abin da ya haura haka ana cire masa kashi 20 cikin ɗari a matakin farko, ban da yankin Sikotland da ke da nasa matakan. Ana sanar da wurin aiki wannan rangwame ta wata lamba da ke fitowa a takardar albashi. Lambar 1257L tana nufin a ba ma'aikaci cikakken rangwamen, ita kuwa BR tana nufin a cire kashi 20 cikin ɗari daga dukan albashin. Rangwamen nan ɗaya ne ga mutum ɗaya, komai yawan wuraren da yake aiki, kuma a nan matsalar ta fi faruwa.

A ɗauki misalin ɗaliba da ke aiki a wani rumbun ajiye kaya a Ingila, wadda ta samu fam 13,570 a shekara saboda ta yi cikakken aiki a lokutan hutu. Lambarta 1257L ce, don haka an cire haraji ne a kan fam 1,000 da ya haura rangwamen, wato kimanin fam 200. A cikin shekarar ta kuma karɓi aikin ƙarshen mako a gidan kula da tsofaffi, inda ta samu fam 3,000. Ranar da ta fara wannan aiki na biyu an ba ta fom ɗin sabon ma'aikaci mai zaɓi uku, A da B da C. Zaɓin C shi ne na mai wani aikin a hannu, kuma shi ke sa a ɗora mutum a kan BR. Ita sai ta zaɓi A, wanda ke cewa wannan ne aikinta na farko tun 6 ga Afrilu. Wurin aiki na biyu ya ba ta rangwamen a karo na biyu, bai cire ko sisi ba.

Da hukumar ta haɗa lissafi, kuɗin shigarta ya kama fam 16,570. Aka cire rangwamen fam 12,570 sau ɗaya, saura fam 4,000, harajinsa kuwa fam 800 ne. Ta riga ta biya 200, saboda haka takardar za ta nuna bashin kimanin fam 600. Ɗalibar ba ta yi ƙarya ba idan ta ce an cire mata haraji, sai dai abin da aka cire kashi ɗaya ne cikin huɗu na abin da ya hau kanta. Akan gano irin wannan tuntuɓe tun cikin shekara a gyara lambar, amma idan aikin na ɗan lokaci ne, ko an fara shi gab da ƙarshen shekara, yakan wuce ba a lura ba.

Akwai kuma wani ruɗani da takardar albashi ke jawowa. Layin da aka rubuta National Insurance ba harajin kuɗin shiga ba ne, gudummawar inshorar ƙasa ce, ana lissafa ta daban a kowane biyan albashi. Ɗalibin da ya yi dogayen awanni a makonnin hutu zai ga an cire masa ita, ya ɗauka harajin ke nan, alhali ba ta rage komai daga bashin da P800 ke magana a kai.

Kafin a biya ko a yi musu, abin da ya fi amfani shi ne a gwada alƙaluman takardar da na hannu. Wurin aikin da mutum yake ciki ranar 5 ga Afrilu wajibi ne ya ba shi P60 zuwa 31 ga Mayu, wurin da ya bari kuma ya ba shi P45. Kowacce tana nuna jimillar albashi da harajin da aka cire. Idan alƙaluman sun yi daidai da na hukumar, bashin na gaskiya ne. Idan kuwa an lissafa aiki ɗaya sau biyu, ko an sa wurin da mutum bai taɓa yi wa aiki ba, kuskure ne da ake gyarawa ta hanyar tuntuɓar hukumar da waɗannan takardu.

Yadda ake karɓar kuɗin ya danganta da halin da mutum yake ciki. Idan har yanzu yana aiki, albashinsa ya isa, kuma bashin bai kai fam 3,000 ba, galibi ba a neman ya biya a dunƙule. Ana rage rangwamensa na shekara mai zuwa ne, a riƙa cire bashin sannu a hankali cikin wata 12. A misalin ɗalibar, za a rage fam 3,000 daga rangwamenta, lambarta ta sauko zuwa wajen 957L, abin da ke nufin ƙarin kimanin fam 50 a kowane wata. Wanda ya daina aiki kuwa, takardar da ake kira Simple Assessment zai iya samu, kuma ita ce ke da wa'adi: kwana 60 na nuna rashin amincewa, sannan biya zuwa 31 ga Janairu, ko cikin wata uku idan takardar ta fito bayan 31 ga Oktoba. Ɗaliban da suka sauya gida bayan kammala karatu ba tare da sanar da hukumar sabon adireshi ba su ne wannan wa'adi ya fi wucewa ba su sani ba.

Masu damfara ma sun san lokacin da waɗannan takardu ke fita, kuma sukan kira baƙin ɗalibai suna barazanar kamu ko soke biza idan ba a biya nan take ba. Hukumar ba ta neman a biya ta da katin kyauta, ba ta kuma neman bayanan banki ta saƙon waya. Duk lissafin da ta yi yana bayyana a shafin harajin mutum da ke gov.uk ko a manhajar HMRC, inda kuma ake iya ganin lambar da kowane wurin aiki ke amfani da ita. Mai aiki biyu da ya ga 1257L a duka takardun albashinsa zai iya neman a gyara ɗaya tun shekarar ba ta ƙare ba.