Fayilolin da Kwamfuta Ke Ɓoyewa

Ba duk abin da ke cikin kwamfuta take nuna wa mai ita ba. Idan ka buɗe faifan `C:` a Windows za ka ga 'yan foldoji kaɗan, kamar `Users` da `Program Files` da `Windows`, alhali kusa da su akwai wasu da ido bai gani. Akwai `pagefile.sys`, inda kwamfuta ke sauke kaya idan ƙwaƙwalwar aikinta ta cika. Akwai `hiberfil.sys`, wanda ke adana halin da kwamfuta take ciki lokacin da aka sa ta dogon barci. Akwai kuma `$Recycle.Bin`, ainihin wurin da abin da ka goge yake zaune kafin ka zubar da kwandon shara.

Dalilin ɓoye su ba wani sirri ba ne. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta tana buƙatarsu kullum, mai kwamfuta kuwa ba shi da aikin da zai yi da su, illa ya taɓa ya ɓata. Kamar wayoyin lantarki ne da ake binnewa cikin bango: ba don kada maigida ya san da su ba, sai don kada hannun yaro ya kai. Wanda faifansa ya cika, ya hango fayil mai gigabayit da yawa da wani baƙon suna, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ya goge. Ga kuma foldar `AppData` da ke ɓoye cikin foldar kowane mai amfani da kwamfutar. A nan manhajoji ke ajiye saitinsu, har da shafukan da burauza ta adana maka. Wanda ya share ta da sunan gyara zai tarar da manhajojinsa sun manta da shi.

Abin da ya kamata a gane shi ne ɓoyewar alama ce kawai da ake liƙa wa fayil, babu kulli babu makulli. Tun zamanin MS-DOS kowane fayil yana da wasu 'yan alamomi, biyu daga cikinsu su ne `H`, wato ɓoyayye, da `S`, wato na babbar manhaja. Shi ya sa ɓoyewar Windows take hawa biyu. Fayil mai `H` kaɗai yana fitowa da zarar ka shiga File Explorer ka danna `View` ka zaɓi `Hidden items` (a Windows 11 sai an bi ta `Show` tukuna). Zai fito launinsa a dushe, yadda za ka bambanta shi da saura. Wanda ke ɗauke da `H` da `S` tare kuwa ba zai fito ba sai an shiga `Options`, an cire alamar da ke kan `Hide protected operating system files`, Windows ta yi gargaɗi, ka amsa. A ganina mutum zai iya barin hawan farko a buɗe ba tare da damuwa ba. Na biyun a buɗe shi don wata buƙata, a mayar da zarar an gama.

A Linux da macOS da Android al'adar daban ce: duk sunan da ya fara da ɗigo ɓoyayye ne. Rob Pike, ɗaya daga cikin tsofaffin ma'aikatan Unix, ya ba da labarin cewa abin ya faro ne daga gajerar hanya da aka bi. An so umarnin `ls` ya daina nuna `.` da `..`, sai aka sa ya tsallake duk sunan da ɗigo ne farkonsa, daga nan mutane suka mai da shi ka'ida. Ana ganinsu da `ls -a`, ko `Ctrl+H` a yawancin Linux, ko `Command+Shift+.` a Mac. Ta wannan hanyar ce WhatsApp ke ɓoye foldar `.Statuses` a waya.

Tunda alama ce kawai, kowa na iya liƙa ta, har da mugu. Ɗauki misalin ɗalibar da ta kai filashinta shagon buga takardu, ta dawo gida ta saka a kwamfutarta, ta tarar foldojinta duk sun koma gajerun hanyoyi, kowace da 'yar kibiya a gindin hotonta. Abin da ya faru shi ne kwamfutar shagon tana ɗauke da bairos. Ya liƙa wa foldojin gaske `H` da `S`, sannan ya ajiye gajerun hanyoyi masu suna iri ɗaya a gurbinsu. Wanda ya danna ɗaya, bairos ɗin ne zai fara tashi ya shiga kwamfutarsa, sau da yawa kuma ya buɗe masa foldar daga baya don kada ya yi zargin komai.

Kafin ta ɗora hannu a ka, akwai yadda za ta san aikinta na nan. Ta danna filashin da maɓallin dama na maus ta zaɓi `Properties`. Idan aka nuna gigabayit 3 a cike, alhali abin da take gani gajerun hanyoyi ne masu kilobayit 1 ko 2, to kayan ba su je ko'ina ba. Kada ta danna ko ɗaya, kada kuma ta yarda da mai cewa a wanke filashin gaba ɗaya, don wannan ne zai cinye aikin da gaske. Ta fara sa manhajar tsaro, ko da Microsoft Defender ce da ke zuwa da Windows, ta bincike filashin. Sannan ta duba harafin da kwamfuta ta ba shi, a ce `E:`, ta buɗe Command Prompt ta rubuta:

```
attrib -h -r -s /s /d E:\*.*
```

Kowane ɗan layi da ke gaban harafi yana nufin a cire wannan alamar. `/s` na cewa a shiga har foldojin ciki, `/d` kuma a haɗa da su kansu foldojin, ba fayiloli kaɗai ba. Dole a cire `H` da `S` a lokaci guda, domin idan aka rubuta `-h` kaɗai `attrib` zai ƙi taɓa duk abin da ke da `S`. Wannan ne ma dalilin da ya sa akwatin `Hidden` a `Properties` na irin waɗannan foldoji yake a dushe, ba ya dannuwa. Idan saƙon `Access denied` ya fito a kan `System Volume Information`, ba matsala, foldar Windows ce, a ƙyale ta. Inda ake tafka ɓarna shi ne kuskuren harafi: wanda ya sa `C:` a maimakon na filashi zai tuɓe alamomin fayilolin babbar manhaja ne, kuma babu umarni ɗaya da zai mayar da su yadda suke.

Bayan haka foldojin za su bayyana, wani lokaci a tattare cikin wata folda marar suna. Ta kwashe takardunta zuwa wani wuri, ta goge gajerun hanyoyin da duk fayil mai ƙarewa da `.vbs` ko `.js` ko `.exe` wanda ba ita ta saka ba. A nan za ta buƙaci kunna `File name extensions` a ƙarƙashin `View`, saboda Windows tana ɓoye wutsiyar sunan fayil ita ma. Da wannan ɓoyewar bairos ɗin ILOVEYOU ya yaudari jama'a a shekarar 2000: sunansa ya ƙare da `.TXT.vbs`, mutane suna ganin `.TXT` kawai suna zaton wasiƙa ce.

Idan ta cire filashin ta mayar, gajerun hanyoyin suka sake dawowa, ko kuma ta kunna `Hidden items` ya kashe kansa, to bairos ɗin ya riga ya shiga kwamfutarta. Sai ta yi wa kwamfutar cikakken bincike da manhajar tsaro kafin ta sake saka wani filashi a jikinta.