Ya Duba Wayar Bai Saya Ba: Wane Saƙo Za a Tura Masa?

Mai shagon kayan lantarki a intanet yakan ga mutum ya buɗe shafin wata waya sau biyu, ya sa ta a kwando, sannan ya fita bai biya ba. Galibi abin da ke tsayar da irin wannan mutumin shi ne kuɗin kawowa da ya gani a ƙarshe, ko shakkar garanti, ko tsoron jabu. Saƙon bibiya mai kyau wannan shakkar yake amsawa.

A ce wata ta duba Samsung Galaxy A15. Washegari sai a rubuto mata: "Barka da yini, Hajiya. Galaxy A15 ɗin da kika sa a kwando tana nan. Sabuwa ce a kwalinta, da rasit da garanti. In kina so, sai ki biya idan an kawo miki." An ambaci kayan da sunansa, an kawar da fargaba, ba a matsa mata ba. Amma kada a yi alkawarin abin da shagon ba ya yi.

Kada a fara da ragi, domin masu saye za su koyi jinkiri don a rage musu. Kada a ce "saura ɗaya" alhali akwai da yawa. Wanda ya leƙa kawai, kada a ce masa "mun ga kana dubawa". Zai ji ana bin sawunsa. Wanda ya yarda a tuntuɓe shi kaɗai ake turawa, saƙo biyu ko uku, da hanyar cewa a daina.