Suna Ɗaya, Tsari Ɗaya: Saƙon da Ke Raba Gardama a Rumbun Bayanai

Duk manhajar da ke riƙe da sunayen mutane, ko ta banki ce ko ta asibiti ko ta makaranta, tana zuba su ne a rumbun bayanai. A cikin rumbun akwai tebura, kowane tebur kamar rajistar aji yake: layi ɗaya na ɗalibi ɗaya, ginshiƙai kuma su sauko daga sama, wannan na suna, wancan na ranar haihuwa. Sai kuma fihirisa, wadda ke sa injin ya cafko layin da ake nema ba tare da ya karance teburin kaf ba. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan sai an raɗa masa suna, kuma mutane ne ke raɗawa.

A ce ga masu rubuta manhaja su biyar suna gina tsarin adana sakamakon jarrabawa. Na farko ya kira teburinsa `Dalibai`, na biyu ya kira nasa `tbl_malami`, na uku ya rubuta `SakamakonJarrabawa`. Lambar ɗalibi a wani teburin `dalibiID` ce, a wani `id_dalibi`, a wani kuma `lamba` kawai. Babu wanda ya yi ganganci, kowa da inda ya koyo aikinsa. Sai dai duk ranar da za a haɗa tebura biyu don fitar da rahoto, dole mutum ya tsaya ya buɗe kowanne ya ga yadda aka rubuta shi. A irin wannan hali ne wani daga cikinsu, galibi wanda aikin gyara ya fi faɗawa kansa, yake zama ya rubuta wa sauran saƙo yana neman a tsayar da ƙa'ida ɗaya.

Saƙon da ya fara da "ni dai na fi son kaza" ba ya nisa, domin kowa ma yana da abin da ya fi so. Wanda ake saurara shi ne wanda ya fara da abin da injin kansa yake yi wa sunaye.

Babban misali shi ne manyan haruffa da ƙanana. PostgreSQL, ɗaya daga cikin injinan rumbun bayanai da aka fi amfani da su, yana mayar da duk sunan da aka rubuta masa zuwa ƙananan haruffa, sai fa idan an sa sunan tsakanin alamun zance biyu. To, akwai kayan aikin da ke sa waɗannan alamun da kansu lokacin ƙirƙirar tebur, ba tare da mai aikin ya lura ba. Ga abin da ke biyo baya:

```
CREATE TABLE "Dalibai" (id integer);
SELECT * FROM Dalibai;
ERROR:  relation "dalibai" does not exist
```

Teburin yana nan daram, mai aikin ma yana kallonsa a allo, amma injin ya ce babu shi. An ajiye shi ne da babban harafi, shi kuma injin ya tafi neman mai ƙaramin harafi. Daga ranar, duk wanda zai taɓa teburin sai ya riƙa tuna alamun zancen nan. Oracle kuwa akasin haka yake yi, zuwa manyan haruffa yake mayarwa. Na MySQL ya fi ban haushi, domin halinsa ya danganta da kwamfutar da yake kai. A kan Windows bai damu da bambancin `Dalibai` da `dalibai` a sunan tebur ba, amma a kan Linux, yadda yake zuwa tun asali, tebura biyu ne daban. Shi ya sa manhaja kan yi aiki lafiya lau a kwamfutar wanda ya rubuta ta, ranar da aka ɗora ta a sabar Linux kuma ta tsaya cak. Saitin da ke kula da wannan, `lower_case_table_names`, tun daga MySQL 8.0 ba a canza shi bayan an kafa rumbun.

Wanda ya karanta wannan zai gane dalilin ƙa'idar farko: ƙananan haruffa zalla, a raba kalmomi da layin ƙasa, wato `sakamakon_jarrabawa`. Sunan da aka rubuta haka yana wucewa a duk injinan uku ba tare da alamun zance ba. Ga masu raɗa suna da Hausa akwai ƙarin magana ɗaya. PostgreSQL zai karɓi `ɗalibai` da ƙugiyarsa, amma abokin aikin da madanninsa ba su da harafin zai sha wahala, kuma a rumbun da ke kan UTF-8 injin ba ya mayar da babban Ɗ ƙarami yadda yake yi wa D. Saboda haka sunan tebur ya tafi ba ƙugiya, bayanan da ke cikinsa kuwa a rubuta su da cikakkiyar Hausa.

Ƙa'ida ta biyu ta shafi kalmomin da harshen SQL ya keɓe wa kansa. `order` da `group` umarni ne, ba a kiran tebur da su sai da dabara. A PostgreSQL `user` ma haka take, har ma idan mutum ya rubuta `SELECT * FROM user` injin ba zai yi ƙorafi ba, sunan wanda ya shiga rumbun kawai zai miƙo masa. Jerin kalmomin kuma yana ƙaruwa. Da MySQL 8.0 ya fito a 2018, `rank` ta shiga cikinsu, waɗanda suka daɗe da ginshiƙi mai wannan suna suka wayi gari tambayoyinsu na dawowa da kuskure.

Wannan na daga cikin hujjojin masu son sunan tebur ya zama jam'i, tunda `users` da `orders` ba su ci karo da komai ba. Rails da Laravel, sanannun ginshiƙan gina manhajar yanar gizo, jam'i suke bi. Django kuwa tilo yake bi, yana liƙa sunan sashen manhaja a gaba, kamar `auth_user`. Gardamar tilo da jam'i ta fi kowace cin lokacin taro, alhali ita ce mafi ƙarancin illa. Mai rubuta saƙo ya duba abin da kayan aikin ƙungiyar ke yi da kansu, ya ce a bi wannan, a wuce wurin.

Inda ya kamata ya daɗe shi ne fihirisa, domin ita ce ba a cika kallon sunanta ba sai ranar da wani abu ya lalace. Kowane inji yana da iyakar tsawon suna. PostgreSQL bayit 63 ne, MySQL haruffa 64, SQL Server 128. Oracle ya daɗe a kan bayit 30 kafin fitowa ta 12.2 ta kai shi 128, abin da ya sa har yanzu Django ba ya yarda sunan fihirisar da mutum ya raɗa ya wuce haruffa 30. Matsalar PostgreSQL ita ce ba ya ƙin dogon suna. Gutsure wutsiyar yake yi, ya ba da 'yar sanarwa, ya ci gaba da aikinsa.

A koma ga ƙungiyar masu sakamakon jarrabawa. Ɗaya ya ƙirƙiri fihirisa, bayan wata guda wani ya ƙirƙiri ta biyu:

```
idx_sakamakon_jarrabawar_karshen_zango_makaranta_aji_dalibi_darasi_shekara
idx_sakamakon_jarrabawar_karshen_zango_makaranta_aji_dalibi_darasi_malami
```

A ido sunaye biyu ne. A wurin injin kuwa dukansu sun ƙare a `dalibi_dar`, inda harafi na 63 ya tsaya, don haka suna ɗaya ne. Idan an yi sa'a, na biyun zai ga kuskure cewa sunan yana nan, ya gyara. Idan kuma ya rubuta umarninsa da `IF NOT EXISTS`, kamar yadda da yawa ke yi, injin zai ɗauka an riga an yi aikin, ya tsallake. Babu abin da zai faɗi a ranar. Sai ƙarshen zango, lokacin da malamai suka yi ca a kan manhajar, shafin sakamako ya dinga jan ƙafa. Mai bincike zai sa `EXPLAIN` a gaban tambayar, ya ga `Seq Scan`, ma'ana injin yana bin teburin layi-layi, ya duba jerin fihirisoshi ya tarar wadda kowa ya yi zaton tana nan ba a taɓa gina ta ba.

Maganin ba wuya gare shi. Sunan tebur ya zama gajere, `sakamako` ya wadatar, sunan fihirisa kuma ya bi tsarin da PostgreSQL ke bi idan aka bar shi ya raɗa da kansa: tebur, ginshiƙi, sai ɗan ƙari da ke faɗin irin abin. `_pkey` na babban mabuɗin tebur ne, `_fkey` na ginshiƙin da ke nuni zuwa wani teburin, `_key` na hana maimaici, `_idx` na fihirisa. Amfanin wannan yana bayyana ne a saƙon kuskure. Wanda aka tasa da tsakar dare ya ga `dalibai_lambar_shiga_key` ya san nan take an yi ƙoƙarin bai wa ɗalibai biyu lambar shiga ɗaya. Wanda ya ga `uq2` sai ya fara tone-tone.

Ginshiƙai ba sa buƙatar dogon bayani. Babban mabuɗi `id` ne a ko'ina, mai nuni zuwa ɗalibi `dalibi_id` ne a kowane tebur, abu ɗaya kuma ba ya ɗaukar suna biyu. Ginshiƙin kuɗi ko awo ya faɗi ma'auninsa, domin `kudi_kobo` ya hana wani ya ɗauka naira ce.

Saura tambayar da kowa zai yi da zarar ya gama karantawa: tsofaffin sunayen fa? Saƙon da bai amsa ta ba ya bar baya da ƙura. Canza sunan tebur a PostgreSQL da `ALTER TABLE ... RENAME TO` aikin ƙiftawar ido ne, tunda ba a motsa bayanan, amma duk tambayar da ke cikin manhaja da rahotannin da wani ya ajiye a gefe za su ci gaba da kiran tsohon sunan. Fihirisoshin teburin ma ba sa bin sabon sunan, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Don haka shawarar da ta fi kama hankali ita ce ƙa'idar ta fara aiki a kan duk sabon abu daga ranar da aka amince. A fara gyara da fihirisoshi, domin tambayoyi ba safai suke ambaton sunansu ba. Tsohon tebur kuwa a bar shi sai aiki ya biyo ta kansa, a canza sunan, a ajiye `VIEW` mai tsohon sunan na ɗan lokaci don abin da ba a gama gyarawa ba ya ci gaba da tafiya.

Saƙon kansa shafi ɗaya ya ishe shi. Ya buɗe da sallama, ya kawo sunaye uku masu karo da juna daga rumbun ƙungiyar ba tare da faɗin wanda ya raɗa su ba, ya jera ƙa'idojin kowace da misalinta da dalilinta, sannan ya sa ranar rufe karɓar gyara. Bayan an amince, ƙa'idar ta koma cikin ma'ajin da ake ajiye rubutun manhajar, inda sabon ma'aikaci zai same ta a ranarsa ta farko. Binciken manya da ƙananan haruffa kuma a miƙa shi ga kayan aiki irin su SQLFluff, ya riƙa dubawa kafin a karɓi kowane sabon gyara.