Idan Ɗalibai Suka Yi Kunnen Doki: Fitar da Uku na Farko a Excel

Duk ƙarshen zangon karatu, malamin aji yakan so ya fitar da ɗalibai uku da suka fi maki, kowa da sunansa. Excel na iya wannan aikin, amma da an samu kunnen doki sai ya fara maimaita suna, kuma ba ya nuna wata alamar kuskure.

A ce sunaye suna A2 zuwa A7, makinsu kuma B2 zuwa B7: Amina 74, Musa 88, Binta 81, Sani 88, Hauwa 81, Garba 65. Aikin LARGE shi ne zaƙulo maki mafi girma na ɗaya, na biyu, na uku. A nan zai ba da 88, 88, 81, domin maki biyu masu kama yana ba kowannensu matsayinsa. MATCH ne ke nemo inda makin yake, INDEX kuma ya ɗauko sunan da ke wurin.

Daga MATCH matsalar take. Da ya ci karo da 88 na farko sai ya tsaya, bai san da na biyu ba. Sai a ga Musa, Musa, Binta. Sani, wanda ya ci 88 da guminsa, ya ɓace daga takarda.

Maganin shi ne a sa kowane maki ya bambanta da ɗan'uwansa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A C2 a rubuta wannan, a jawo shi har C7:

```
=B2-ROW()/100000
```

ROW lambar layin take bayarwa. Musa yana layi na 3, ya koma 87.99997, Sani a layi na 5 ya koma 87.99995. Ragin bai kai ya sauya matsayin kowa ba, amma yanzu babu maki biyu iri ɗaya. Sai a rubuta 1, 2, 3 a E2 zuwa E4, a sa wannan a F2, a jawo ƙasa:

```
=INDEX($A$2:$A$7,MATCH(LARGE($C$2:$C$7,E2),$C$2:$C$7,0))
```

Yanzu an samu Musa, Sani, Binta. Kada a manta da alamar $, in ba haka ba jerin zai riƙa zamewa ƙasa yayin jawowa. Makin da za a nuna wa iyaye kuwa daga B za a ɗauko shi, domin na C na aikin cikin gida ne.

Saura Hauwa, kuma a ganina nan ne ya fi buƙatar kula. Ita ma 81 ta ci, kamar Binta. Abin da ya fitar da ita kawai shi ne sunanta ya zo a ƙasa, wanda ba hujja ba ce ta hana yarinya kyauta a gaban iyayenta. Kafin a buga sakamako a gwada wannan:

```
=COUNTIF(B2:B7,">="&LARGE(B2:B7,3))
```

Idan amsar ta wuce 3, akwai wanda aka bari a bakin ƙofa. A misalinmu 4 za ta fito. Daga nan hukunci ya koma hannun makaranta: ko a ƙara 4 a E5 a kira su biyun a matsayi na uku, ko a raba gardama da makin jarrabawar ƙarshe, gwargwadon ƙa'idar da aka sanar tun farkon zango.