Yadda kwamfuta ke jera darussan jami'a: na ƙarshen gamawa shi ne na farko

A jami'a akwai darussan da ba a barin ɗalibi ya ɗauka sai ya ci wani tukuna. Idan darussan sun kai ɗari, da wanne za a fara? Masana kwamfuta sukan zana kowane darasi a matsayin ɗigo, su ja kibiya daga wanda ake fara yi zuwa wanda ya dogara a kansa. Abin da ake nema shi ne jeri guda wanda babu darasin da zai riga sharaɗinsa zuwa.

A ɗauki darussa huɗu: Lissafi 1, Lissafi 2, Fiziks da Injiniyanci. Lissafi 2 da Fiziks duk suna buƙatar Lissafi 1, shi kuma Injiniyanci yana buƙatar su biyun.

Dabarar da ake kira DFS tana tafiya ne kamar mai laluben lungunan tsohon birni: ya bi lungu guda har ya ƙure, sannan ya dawo baya ya kama wani. A ce an fara daga Lissafi 1. Kibiya ta kai mu Lissafi 2, daga can sai Injiniyanci. Babu kibiyar da ta fita daga Injiniyanci, don haka an gama da shi, sai a rubuta sunansa. A koma Lissafi 2, shi ma ba sauran hanya, a rubuta. A dawo Lissafi 1 a bi ta Fiziks. Kibiyarsa tana nuna Injiniyanci, wanda an riga an gama, saboda haka ba a sake shiga. A rubuta Fiziks. Lissafi 1 ne na ƙarshe.

Yanzu a karanta takardar daga ƙasa zuwa sama: Lissafi 1, Fiziks, Lissafi 2, Injiniyanci. Jerin ya yi daidai, kuma ba sa'a ba ce: ba a rubuta darasi sai an gama da duk waɗanda suka dogara a kansa, to in an juya jerin dole ya riga su. Masu koyo sukan rubuta darasi tun lokacin shigarsa maimakon lokacin gamawa. Da mun yi haka, da Injiniyanci ya riga Fiziks.

Inda na fi ganin amfanin dabarar shi ne wajen kama kuskure. A ce magatakarda ya shigar da cewa Lissafi 1 yana buƙatar Injiniyanci. An samu da'ira ke nan, babu ɗalibin da zai iya farawa. DFS tana bambanta darasin da ba a taɓa ba, da wanda ake cikinsa, da wanda aka gama. Idan kibiya ta kai ga darasin da ake cikinsa har yanzu, to akwai da'ira, kuma hanyar da aka biyo ita ce ke nuna darussan da suka sarƙe.

Aikin ba ya cin lokaci, domin sau ɗaya ake shiga kowane darasi, sau ɗaya ake duba kowace kibiya. Sai dai jeri kawai yake bayarwa. Raba darussan zuwa zango-zango, da lura da yawan abin da ɗalibi zai iya ɗauka a zango guda, wannan wani lissafi ne daban.