Kwastoma biyar sun tafi ko biyu: wanne ya fi ciwo?

Mai masana'antar ruwan leda a Damba, wanda motarsa ke kai kaya shagunan Gusau ta zarce Tsafe da Bungudu, yana da hanya biyu ta auna waɗanda suka daina saye a wurinsa. Zai iya ƙirga kawuna, wato ya raba adadin waɗanda suka tafi a wata da adadin waɗanda yake da su ranar ɗaya ga watan. Zai kuma iya ƙirga kuɗi, ya raba cinikin da ya rasa da cinikin da waɗannan mutanen suka saba kawo masa. Yawancin 'yan kasuwa na farkon suke riƙewa a ka, domin fuska ta fi lamba saurin zama a zuciya. A ganina na biyun ne ya kamata ya fara dubawa, muddin masu sayensa ba girmansu ɗaya ba.

A ɗauka, a matsayin misali, yana da kwastoma 50. Guda 40 ƙananan shaguna ne, kowanne na ɗaukar ruwan naira 20,000 a wata, jimilla 800,000. Sauran 10 diloli ne masu sari, kowanne 120,000, jimilla 1,200,000. Cinikin wata ya kama miliyan 2 ke nan. A wani wata ƙananan shaguna 5 suka koma wajen wani. A ƙirgen kawuna ya rasa 5 cikin 50, kashi 10 cikin ɗari, abin da zai hana shi barci. A kuɗi kuwa 100,000 ce ta fita daga miliyan 2, kashi 5 kacal. Yanzu a juya: shagunan suna nan, diloli 2 ne suka tafi. Kawuna sun ragu da kashi 4, har ya ce an yi wata mai albarka, alhali 240,000 ta bi su, kashi 12. Akwai ma asarar da ƙirgen kawuna ba ya gani sam. Idan dilan Tsafe bai tafi ba, amma ya rage sarinsa zuwa rabi saboda ya fara raba ƙafa, sunansa na nan a littafi, 60,000 kuma ta salwanta, kashi 3.

Manyan kamfanoni ma da wannan bambanci suke magana. A farkon 2024, da aka rufe layukan wayar da ba a haɗa da lambar NIN ba bisa umarnin hukumar NCC, kamfanin MTN ya shaida wa masu hannun jari cewa ya katse layuka sama da miliyan 4, ya kuma ce da yawansu ba sa kashe kuɗin kirki, don haka illar a kan kuɗin shiga ba ta kai yawan layukan ba.

Wani zai ce to a yar da ƙirgen kawuna mana, tunda da kuɗi ake sayen leda da man janareta. Nan ne ban yarda ba, domin kuɗi ma yana ɓoye ciwo, musamman a lokacin tsadar nan. A koma watan da shaguna 5 suka tafi, saura cinikin 1,900,000. In ya ƙara farashi da kashi 10, kuma kowa ya ci gaba da ɗaukar yawan da ya saba, zai ga 2,090,000, fiye da yadda ya fara. Littafi ya nuna ci gaba, kasuwa kuwa tana zaizayewa. Gyaran shi ne ya auna asarar da tsohon farashi, ko da yawan jakunkunan ruwa, ya rubuta ƙarin a layi na dabam. Sannan kowane ƙaramin shago da ya tafi yana ƙara jingina shi ga diloli 10 ɗin nan, waɗanda tuni kashi 60 na cinikinsa ke hannunsu. Ran da suka gane haka, su za su yanka masa farashi da kwanakin bashi.

Lissafin nan biyu duk suna lalacewa idan aka cusa sababbin kwastoma a ciki. Wanda ya rasa 5 ya samu 5 bai tsaya cik ba, ya rasa kashi 10 ne, ya kuma ƙona mai wajen neman madadinsu. Haka nan sai an yanke wa'adin da za a ce mutum ya tafi. Kamfanonin waya kwana 90 suke ba layi, amma ga shagon da ke karɓar ruwa sau biyu a mako, shirun kwana 30 ya isa shaida. Sai dai a lura da yanayi: cinikin ruwa kan faɗi da sanyin hunturu ya tashi da zafin bazara, don haka dilan Bungudu da ya rage sari a Janairu, da Janairun bara za a gwada shi, ba da Afrilu ba.