Darasin Hausa na ’Yan Waje: Sunan da Zai Sa a Same Shi

Uwar da ke Manchester ko Houston tana neman darasin da zai koya wa ɗanta gaisuwa, amma ba da Hausa za ta rubuta neman ba. Abin da take bugawa a YouTube shi ne "Hausa for kids" ko "learn Hausa greetings". Idan mai darasin ya sa masa suna "Darasi na Ɗaya" kawai, da wuya ta ci karo da shi. Ya fi kyau a rubuta "Hausa for Kids: Greetings (Gaisuwa)". Gurbin suna yana ɗaukar haruffa 100, amma a waya sau da yawa ƙarshen yakan yanke, don haka kalmomin nema su zo a farko.

Kalmar mataki ce ke yawan ruɗa mutane. Ma’aunin CEFR na Turai yana kiran matakin farko A1, malamai sun san shi, iyaye da yawa kuwa ba su sani ba. Sannan "beginner" ba ta bambanta yaron da bai taɓa jin Hausa ba da wanda yake fahimtar maganar kakarsa amma yana mayar da amsa da Turanci. Na biyun zai gaji da "sannu" nan take. A ganina, layin farko na bayanin ya faɗi wanne ake nufi, da shekarunsa.

Iyalan Nijar da ke Faransa kuma "haoussa" suke rubutawa, sai a sa ta cikin bayanin.